Kafin Ka Zargi Na'ura, Auna Tazarar Idanunka

Duk Bahaushen da ya saba sayen hula ya san lambar kansa. Idan lambarsa 22 ce aka miƙo masa 23, ba zai karɓa ba, komai kyawun aikin da ke jikinta. Amma mutum nawa ne suka san tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanunsu biyu? Kaɗan ne, domin ba a cika tambayar mutum wannan lamba ba sai a wurin yanka tabarau. Yanzu kuwa ga wani wurin ya ƙaru: na'urar nan da ake ɗaurawa a fuska ta rufe idanu, mutum ya tsinci kansa a cikin wata duniya da kwamfuta ta zana, wadda aka fi sani da VR.

Ƙorafin da aka fi ji daga waɗanda suka fara saka ta shi ne hoton dishi-dishi yake, rubutu ba ya karantuwa, kuma bayan ɗan lokaci kai ya ɗauki ciwo. Da yawa sukan yanke hukunci cewa na'urar ce ba ta da kyau, ko kwamfutar ce ta gaza. Sau da yawa an bar jaki ne ana dukan taiki. Tsabtar hoto a wannan na'ura ta dogara ne da abu biyu da ba su da alaƙa da juna: daidaita gilasan na'urar da idanun mai kallo, da kuma yawan ɗigon da kwamfuta take zana hoton da su. Na farko aikin hannu ne, na biyu aikin lissafi. Wanda ya fara da na biyu kafin na farko zai yi ta wahalar da kwamfutarsa ba tare da ya ga canji ba.

Gilashi biyu, ido biyu

A cikin na'urar akwai ɗan allo da ke nesa da ido da 'yan santimitoci kawai. Babu idon da zai iya karanta abu a wannan kusanci, shi ya sa aka sa gilashi mai kauri a gaban kowane ido. Gilashin yana lanƙwasa haske ta yadda ido zai ji kamar abin da yake kallo yana can nesa da mita ɗaya da ɗoriya zuwa mita biyu. Sai dai gilashin ba ya aiki daidai a ko'ina. Tsakiyarsa ce take ba da hoto tangaran, yayin da gefe-gefensa suke kawo dishi-dishi da wani bakin launi, ja-ja ko shuɗi-shuɗi, a jikin haruffa. Saboda haka dole baƙin ɗigon da ke tsakiyar kowane ido ya fuskanci tsakiyar gilashinsa.

Nan ne tazarar idanu ta shigo. Ana auna ta da milimita, daga tsakiyar ƙwayar ido ɗaya zuwa tsakiyar ɗayar, kuma a kan allo za ka ga an rubuta ta da haruffa uku, IPD. Matsakaicin ta manya yana wajen milimita 63, ta mata takan ɗan gaza ta maza, kuma yawancin mutane suna tsakanin 55 da 70. Idan tazararka 61 ce amma gilasan suna kan 70, an sami bambancin milimita tara, wato kowane ido ya kauce daga tsakiyar gilashinsa da milimita huɗu da rabi. A ido wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Illar ba ta tsaya ga dishi-dishi ba. Kwamfuta tana zana hoto biyu ne, ɗaya na idon dama, ɗaya na hagu, daga wurare biyu da ta ɗauka nan idanunka suke. Daga ɗan bambancin da ke tsakanin hotunan ne ƙwaƙwalwa take gane nisa da girman abu. Idan an ba kwamfutar lambar da ba taka ba, girman abubuwa da nisansu sai su ɗan saɓa, ka miƙa hannu ka ɗauki abu ka ga bai zo inda kake zato ba. Jijiyoyin da ke juya ido kuma suna ta faman haɗa hotunan biyu su zama ɗaya. Wannan faman ne yake zama nauyi a tsakanin gira, da ciwon kai, wani lokaci har da tashin zuciya.

Yadda ake auna ta

Hanya mafi inganci ita ce ta masu yanka tabarau. Suna da na'urar auna wannan tazara, kuma wani lokaci sukan rubuta ta a takardar tabarau a ƙarƙashin haruffan PD. Idan ka ga lamba biyu ƙanana, misali 31 da 32, tazarar kowane ido ce daga karan hanci, sai ka haɗa su ka sami 63. Idan kuma lambobin manya ne, misali 63 da 60, ta farko ta kallon nesa ce, ta biyu ta karatu, domin idanu sukan karkato ciki idan suna kallon abu na kusa. Ta nesa ake so.

Wanda bai sami zuwa can ba, rula da madubi sun isa. Ka tsaya kusa da madubi, kamar taƙi ɗaya tsakaninku, ka ɗora rular a kan girarka. Ka rufe idon dama, ka daidaita sifilin rular da tsakiyar ƙwayar idon hagu. Ba tare da ka motsa kai ko rular ba, ka rufe na hagu ka buɗe na dama, ka karanta lambar da ta yi daidai da tsakiyar ƙwayarsa. Hikimar rufe ido ɗaya ita ce kowane ido ya kalli gabansa kai tsaye, kamar yadda yake yi idan yana hangen nesa. Ka maimaita sau uku ka ɗauki matsakaici. Kuskuren milimita ɗaya ba abin damuwa ba ne.

Yadda za ka sa lambar ya danganta da irin na'urar. Quest 2, wadda ta fito a 2020, matakai uku kawai gare ta: ana kama gilasan da hannu a tura su zuwa 58, ko 63, ko 68, mutum ya zaɓi wanda ya fi kusa da nasa. Valve Index ta 2019 tana da ɗan maɓalli a ƙasanta da ake zamarwa daga 58 zuwa 70, lambar tana bayyana a gaban idonka yayin da kake turawa. Quest 3 ta 2023 tana da ɗan gargare da ake murzawa, kuma gilasanta na sabon ƙira ne da suke da faɗin wurin tsabta, don haka sun fi yafe ƙaramin kuskure. Akwai kuma waɗanda gilasansu ba sa motsi sam, irin su Rift S, inda lambar da ka shigar take gyara lissafin hoto kawai. Mai tazarar da ta yi nisa da matsakaici ya kamata ya duba wannan tun kafin ya biya kuɗi.

Kafin ka taɓa maɓallin, ka fara gyara zaman na'urar a fuska. Kaucewa sama ko ƙasa tana ɓata hoto kamar yadda kaucewa gefe take yi. Ka sassauta maɗaurin, ka riƙe na'urar da hannu biyu, ka ɗaga ta ka sauke a hankali kana kallon wani rubutu har ka kai inda ya fi fitowa, sannan ka ɗaure. Maɗaurin baya ya sauka ƙasa ya rungumi ƙeya. Bayan ka sa lambarka, ka gwada kowane ido shi kaɗai: rufe ɗaya ka karanta, rufe ɗayan ka karanta. Idan ɗaya ya fi ɗaya tsabta, ka ɗan gusa na'urar dama ko hagu, domin fuskar mutane da yawa ba ta rabu biyu daidai wa daida ba.

Abu biyu kuma suna nan da babu saitin da zai gyara su. Wanda ba ya gani da kyau daga nesa sai da tabarau, a cikin na'urar ma sai da tabarau, tunda idonsa nesa yake kallo. Sai kuma datti. Maiƙon gashin ido, da zufa, da ƙurar hunturu sukan yi wa gilashin lulluɓi, hoto ya yi hazo. A share da busasshen ƙyalle mai laushi irin na tabarau, bayan an hure ƙurar don kada ta karce shi. Kada kuma a bar hasken rana ya faɗa kan gilasan, domin suna tattara shi su ƙona allon da ke ciki.

Ɗigon allo da ɗigon zane

Idan ido ya zauna daidai, sai a koma kan lissafi. A nan akwai lambobi biyu da ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce yawan ɗigon haske da ke jikin allon kansa, waɗanda ake kira fiksel. Wannan ƙirar masana'anta ce, ba ta canzawa. A Valve Index kowane ido yana da 1440 a kwance da 1600 a tsaye. Ta biyu ita ce girman hoton da kwamfuta take zanawa kafin ta aika wa allon. Ita ce ake iya ƙarawa ko ragewa.

Mai hankali zai ce ai sai a sa su zama ɗaya. To amma idan ka buɗe manhajar SteamVR da wannan na'ura, ka sa ma'aunin a kan 100%, za ka ga ta rubuta 2016 × 2240. Kowane gefe ya ninka na allon sau 1.4. Dalilin yana komawa ga gilashin nan. Gilashin yana jan gefunan hoto waje, don haka kafin a nuna hoton sai kwamfuta ta lanƙwasa shi ta ɗaya ɓangaren, ta matse gefuna, tsakiya ta kumbura kamar bayan ƙwarya. Idan haske ya ratsa gilashin sai lanƙwasa biyun su kashe juna, layuka su miƙe. A wannan lanƙwasawar, tsakiyar hoto ce take cin kaso mafi yawa na ɗigon allo. Idan ana so kowane ɗigo na tsakiyar allo ya sami nasa ɗigon zane, ba a miƙar da ɗaya ya rufe gurbin biyu ba, dole a zana hoton da girma fiye da allon tun farko.

Wannan girman yana da tsada. 2016 sau 2240 ya haura ɗigo miliyan huɗu da rabi, ido biyu kuwa miliyan tara. Kuma ba sau ɗaya za a zana ba. Idan na'urar tana sabunta hoto sau 90 a daƙiƙa, katin hoto na kwamfutar yana da kashi ɗaya cikin casa'in na daƙiƙa ya gama kowane zane, wato milidaƙiƙa 11.1. Idan an sa ta a 120, lokacin ya ragu zuwa 8.3. Wannan wa'adin shi ne iyakar kowane saiti. Idan katin ya kasa cika shi, manhajar takan rage zane zuwa rabi, 45 a maimakon 90, ta ƙirƙiro sauran hotunan da kintace. A SteamVR sunan wannan dabara Motion Smoothing. Tana hana hoto tsayawa cak, amma alamarta a fili take: gefen abubuwa masu motsi yana rawa kamar ana kallonsu ta cikin ruwa, hannunka kuma yana barin inuwa a bayansa.

Wurin saitin yana cikin `Settings`, sashen `Video`. A gaban `Render Resolution` ka zaɓi `Custom` a maimakon `Auto`, sai ma'aunin `Resolution Per Eye` ya bayyana. Abu biyu ne za ka kiyaye a nan. Na farko, kason da ke jikin ma'aunin na jimillar ɗigo ne, ba na tsawon gefe ba. Idan ka kai shi 200%, aikin katin ya ninka biyu, amma kowane gefen hoto ya ƙaru ne da sau 1.41 kawai. Na biyu, akwai wani ma'aunin daban na kowane wasa a ƙarƙashin `Per-Application Video Settings`, kuma su biyun ninka juna suke yi. Wasu wasannin ma suna da nasu na uku a ciki.

Yadda muka gyara ta ɗan yayata

Wani ɗan yayata da ke karatun zanen gine-gine ya karɓi aron Valve Index daga wurin abokinsa, yana so ya zagaya cikin gidan da ya zana, ya kuma taɓa wasan tseren mota. Ya kira ni ya ce, “Kawu, abin nan ba ya fita. Na ƙure masa komai amma rubutun kamar an shafa masa mai, ga kaina kamar zai tsage.”

Da na je, ban taɓa kwamfutar ba tukuna. Na ce ya ɗauko rula. Awo uku ya ba mu 61, da 61, da 62, muka tsaya a 61. Da ya saka na'urar ya taɓa maɓallin ƙasa, lambar da ta fito 70 ce, inda mai ita ya bar ta. Ya zamar da shi a hankali zuwa 61. Sannan muka sassauta maɗauri, ya sauke na bayan zuwa ƙeya, ya murza maɓallin gefe da ke matso da gilasan kusa da ido. Ya yi shiru na ɗan lokaci, can ya ce, “Kawu, ashe akwai rubutu a jikin sitiyarin.”

Dishi-dishin ya tafi, amma da motar ta fara gudu sai ya ce allunan gefen hanya suna rawa. Muka buɗe saitin. Babban ma'aunin yana kan 200%, na wasan kuma yana kan 150%. Shi a zatonsa na biyun ya maye gurbin na farko. A gaskiya biyu sau ɗaya da rabi uku ne, wato 300%, ɗigo miliyan 27 a kowane zane a maimakon miliyan tara. Jadawalin lokacin zane, wanda SteamVR take iya nunawa, ya nuna katin yana cin wajen milidaƙiƙa 19 a kowane hoto, alhali wa'adinsa 11.1 ne. Tun da ya fara wasan, rabin abin da yake gani kintace ne.

Muka mayar da babban ma'aunin 100%, na wasan ma 100%, lokacin ya sauko wajen 7. Rawar ta ɗauke. Tunda akwai sauran fili, muka fara ƙara na wasan kaɗan-kaɗan, muna sake kunna wasan bayan kowane canji, domin wasu wasannin ba sa karɓar sabon saiti sai an rufe an buɗe. Muka zaɓi wuri mafi nauyi don gwaji, wato farkon tsere inda motoci suke cunkushe. A 130% lokacin ya tsaya wajen 9, kuma allunan nesa sun fi karantuwa, wayoyin shinge sun daina ƙyalƙyali. A 150% ya kai 10, yana tsallake wa'adin duk lokacin da motoci suka taru a kwana, alhali idonsa bai ga wani bambanci da 130% ba. Muka koma 130% muka tsaya. Da ya buɗe zanen gidansa, wanda bai kai wasan nauyi ba, ya iya ba shi fiye da haka ta ma'auninsa na daban, babban kuwa bai sake taɓa shi ba.

Abin da ya sa ƙari yake da amfani har zuwa wani matsayi shi ne, idan an zana ɗigo fiye da na allo, ana tace da yawa su zama ɗaya, sai gefen layuka ya yi sumul, siraran abubuwa na nesa su daina ɓacewa suna dawowa. Amma allon yana nan da ɗigonsa 1440 da 1600. Da zarar an ƙoshar da shi, duk abin da aka ƙara zafi ne kawai ga katin.

Gane ciwo daga alamarsa

Wanda ya fahimci wannan zai iya gane matsalarsa cikin minti ɗaya. Ka kalli rubutu a tsakiyar hoto, ka ɗan motsa na'urar a fuskarka. Idan tsabtar tana canzawa, ko ido ɗaya ya fi ɗaya, ko akwai bakin launi a jikin haruffa, matsalar ta zama ce da tazara. Idan motsin bai canza komai ba, abubuwan kusa suna fita amma na nesa suna da gefe kamar haƙoran zarto suna ƙyalƙyali, ɗigon zane ne suka yi kaɗan. Idan hoto yana da kyau kana tsaye amma yana rawa ko tsalle da ka juya, sun yi yawa. Idan kuma hazo ne ya rufe ko'ina, fitilu suna jan wutsiya, duba gilashin da ƙyalle.

Masu haɗa Quest da kwamfuta ta waya ko ta iska suna da alama ta biyar. A wurinsu ana matse hoton ya zama bidiyo kafin a aika, don haka wurare masu duhu ko hayaƙi sukan farfashe su zama 'yan murabba'ai. Wannan na ƙarfin hanyar aikawa ne, ƙara ɗigon zane ba ya magance shi. Wanda kuma yake amfani da Quest ita kaɗai ba kwamfuta, masu wasan ne suka riga suka zaɓa masa girman zane, abin da ke hannunsa shi ne zama, da tazara, da tsabtar gilashi.

Inda ake karɓa-karɓar na'ura ɗaya, a gida ko a shagon wasanni, kowa ya riƙe lambarsa ya sa ta kafin ya fara. Ƙananan yara tazararsu takan gaza mafi ƙarancin abin da gilasan suke iya kaiwa, kuma wannan ƙarin dalili ne na mutunta iyakar shekarun da masu ƙera na'urar suka sa. Duk wanda ya daidaita komai amma yana ganin abu biyu-biyu, ko ciwon kai ya ƙi barinsa, ya cire na'urar ya ga likitan ido.

Ranar da ɗan yayata zai mayar da na'urar, na ga ya manna 'yar takarda a cikin murfin akwatinta. Ya rubuta sunansa da 61 a gabansa, a ƙasa kuma sunan abokin da 70, don ya tuna ya mayar masa da maɓallin inda ya same shi.